Kilo goma a wata tara: yadda aka raba tsoka da kitse da ruwa a jikin wani mai ɗaga ƙarfe

Yadda yake kafin ya fara

Mutumin da wannan nazari ya shafa namiji ne mai shekara 28, tsawonsa santimita 176, nauyinsa kilo 68.0 a farkon watan Janairu. Aikinsa na zama ne, daga safe zuwa yamma yana kan kujera, kuma bai taɓa yin atisayen ɗaga ƙarfe na sama da mako biyu a jere ba. Ba shi da wata rashin lafiya da aka sani, ba ya shan magani na dindindin. Abin da yake so shi ne ya cika, domin ya gaji da jin ana ce masa siriri, ya kuma yanke wa kansa cewa zai kai kilo 78 kafin shekara ta fita.

Awo uku kacal yake da su daga wancan lokaci. Na farko nauyinsa, na biyu kewayen ƙugunsa, santimita 78, wanda aka auna masa a wani binciken lafiya cikin Disamba, ya kuma ajiye takardar ba don yana tsammanin za ta yi amfani ba. Bai auna cinya ba, bai auna kaurin fata ba, bai ɗauki hoto ba. Na ukun damtsensa ne, wanda ya auna da kansa sau ɗaya, ya sami santimita 30. Tsarin da ya ɗauka kuwa mai sauƙi ne: atisaye sau uku a mako, da tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, da tura ƙarfe daga ƙirji yana kwance a benci, da jawo ƙarfe, sannan ya ci abinci fiye da yadda ya saba ba tare da lissafi ba. Ya haɗa da garin kiriyatin, wani ƙarin abinci da masu ɗaga ƙarfe ke sha, giram 20 a rana na kwana shida, daga nan giram 5 a kullum. Ni mai horarwa ne a wurin da yake atisaye, amma sai a mako na 13 ya zo wurina, don haka abin da ya gabaci wannan daga littafinsa na samo shi da kuma bakinsa.

Mako na 1 zuwa na 3, Janairu: kilo biyu na farko

A cikin kwana 21 sikeli ya tashi daga 68.0 zuwa 70.1, kuma fiye da rabin ƙarin ya zo ne a kwana goma na farko. A littafinsa, ƙarƙashin ranar da ya haura 70, ya rubuta da babban rubutu cewa tsoka ta fara fitowa. Wandonsa bai matse shi ba, bel ɗinsa yana ramin da ya saba, hannuwansa kuma sun yi masa kamar sun fi da tauri.

Abubuwa huɗu suna faruwa a jiki a irin wannan lokaci, kuma dukkansu suna hawa sikeli. Idan mutum ya ƙara cin abinci mai sitaci yana kuma atisaye, tsokarsa tana ƙara ajiye gilaikojin, wato sukarin da jiki yake tanada a tsoka da hanta, wanda a babban mutum yakan kai kusan giram 500, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Kiriyatin shi ma ruwa yake jawowa cikin tsoka, kuma ƙarin kilo ɗaya zuwa biyu a makon farko sanannen abu ne ga wanda ya fara da giram 20. Na uku, tsokar da ba ta saba da nauyi ba takan kumbura bayan atisaye, saboda ƙananan raunukan da take samu suna tara ruwa na kwanaki. Na huɗu shi ne abincin da ke cikin hanji bai fita ba tukuna, wanda yake ƙaruwa da zarar ci ya ƙaru. A wannan mataki shi mutumin bai san da ko ɗaya daga cikinsu ba, ya ɗauki kilo 2.1 ɗin nan a matsayin shaida cewa tsarinsa yana aiki, sai ya ƙara loma.

Mako na 4 zuwa na 12, Fabrairu da Maris: shaidu uku da ya dogara da su

A mako tara masu zuwa nauyin ya tashi daga 70.1 zuwa 75.3, ƙarin kilo 5.2, wato kusan giram 580 a kowane mako, ko kilo biyu da rabi a wata. Hawan ya kasance a miƙe, babu tsayawa. Tun a mako na 8 wani abokin atisayensa ya ce masa ya lura da cikinsa, shi kuwa yana da abubuwa uku da yake kafa hujja da su.

Na farko ƙarfinsa ne. Ya fara tsugunno da kilo 40, zuwa mako na 12 yana yi da kilo 80 sau biyar, turin benci kuma ya tashi daga 35 zuwa 57.5. A ganinsa wanda ƙarfinsa ya ninka dole tsokarsa ta girma daidai gwargwado. Sai dai a makonnin farko na atisaye mafi yawan ƙarin ƙarfi daga koyo yake zuwa: jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa suna koyon tayar da zaren tsoka da yawa a lokaci ɗaya, jiki yana koyon daidaita kansa a ƙarƙashin nauyi, tsoro yana raguwa. Sabon shiga zai iya ninka abin da yake ɗagawa ko da nauyinsa bai motsa ba, har ma yana ramewa. Girman tsoka na haƙiƙa, wanda ba kumburi ba, yakan fara bayyana a awo ne bayan mako shida zuwa goma.

Na biyu madubi ne da damtse. Yakan duba kansa a madubin wurin atisaye da zarar ya gama, lokacin da jini ya cika tsoka, hasken kuma yana saukowa daga sama yana zana kowace inuwa. Wannan cikar takan sace bayan awa ɗaya ko biyu. Damtsen ya tashi daga santimita 30 zuwa 32.5, wannan gaskiya ne, amma tef yana zagaye fata da kitsen da ke ƙarƙashinta da tsoka da ƙashi gaba ɗaya, kuma wanda ya yi ƙiba ba tare da ya taɓa ƙarfe ba shi ma damtsensa yana ƙaruwa.

Na uku shi ne sikelin lantarki da ya saya a mako na 7, irin wanda ake takawa da ƙafa ba takalmi ya ba da kason kitse da na tsoka. Wannan na'ura ba ta ganin kitse. Ƙaramin lantarki take turawa ta ƙafa ɗaya ya fito ta ɗayar, ta auna yadda jiki ya tare shi, kuma da yake ruwa mai gishiri yana wuce da lantarki cikin sauƙi alhali kitse yana tare shi, sai ta yi kirdadon yawan ruwa, daga nan ta lissafa sauran da shekaru da tsawo da jinsi. Duk abin da ya sauya ruwan ƙafa ya sauya amsar. Na ga shafin da ya rubuta awo biyu a rana ɗaya cikin Maris: da safe kitse kashi 17.3 cikin ɗari, da yamma kashi 14.9. A nauyin kilo 74 wannan bambanci ya kusa kilo biyu na kitse, wai ya ɓace tsakanin asuba da magariba. Dalilin shi ne da safe jiki ya kwana bai sha ruwa ba, da yamma kuma ruwa ya sauko ƙafafu saboda zama da tsayuwa. Ya ce mini da ya ga haka sai ya koma hawa da yamma kawai, domin lambar yamma ta fi masa daɗi.

Abin da ya tsayar da shi ba awo ba ne. A ƙarshen Maris ya sa wandon da ya yi wata biyu bai sa ba, maɓallin ya ƙi shiga, bel ɗin da yake ɗaurawa a rami na huɗu kuma ya koma na biyu.

Mako na 13 da na 14, farkon Afrilu: awon farko da ramewar kwana shida

Ya same ni bayan atisaye ya ce, "Malam, don Allah a duba mini, wannan kilo bakwai ɗin tsoka ce ko teɓa?" Na ce masa ba a awo bayan atisaye, ya dawo gobe da safe kafin ya ci komai. Washegari ƙugunsa ya ba da santimita 84.0, a tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwatangwalo, wurin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a auna, bayan ya saki numfashi yadda ya saba ba tare da ya shanye ciki ba. Ƙarin santimita shida ke nan a kan awon Disamba. Na faɗa masa lambar, na kuma ba shi shawara ya riƙe abincinsa wuri ɗaya na 'yan makonni mu ga inda jikin ya tsaya.

Bai bi wannan ba. Lambar ta razana shi, ya yanke abinci mai sitaci kusan gaba ɗaya, ya rage gishiri, ya ƙara gudu. Cikin kwana shida sikeli ya sauka daga 75.4 zuwa 73.5. Da farko ya yi murna yana ganin kitsen ne ya tafi, sai sikelin lantarkin ya nuna masa cewa abin da ya ragu tsoka ce, kashin kitse ma ya ɗan hau, sai murna ta koma ciki. Ga shi a wurin atisaye kilo 80 ɗin da yake tsugunno da shi sau biyar ya koma sau uku, hannuwansa sun yi laushi kamar an sace musu iska. Na auna ƙugun a rana ta bakwai, 83.2. Ya koma cin abincinsa na da, kuma kafin kwana biyar nauyin ya dawo 75.2, ƙugun 84.0, tsugunnon kuma sau biyar.

Lissafin wannan mako bai da wahala. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Kafin mutum ya ƙone kilo 1.9 na kitse a kwana shida, sai giɓin abincinsa ya haura kalori 2,400 a kowace rana, wanda kusan daidai yake da daina ci ɗungurungum. Ba haka ya yi ba. Kuma tsokar da ta lalace da gaske ba ta dawowa a kwana biyar. Abin da ya fita ya dawo da irin wannan sauri gilaikojin ne da ruwansa da abin da ke cikin hanji. Wannan makon, duk da cewa bai rage masa komai ba, shi ne ya sa ya yarda ya daina sauraron sikelin rana ɗaya.

Mako na 15 zuwa na 18, tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu: tsayar da nauyi da kafa ma'auni

Mun fara da rubuta abin da yake ci. Ya auna abincinsa na mako ɗaya yadda yake ci a Fabrairu da Maris, ya fito kalori kusan 3,200 a rana. Muka sauke shi zuwa 2,700, furotin giram 130 zuwa 140, wanda ya faɗa cikin giram 1.6 zuwa 2.2 a kowane kilo na nauyin jiki da ake ba masu gina tsoka shawara. Kiriyatin ya ci gaba da giram 5, domin kada ruwan jiki ya sake sauyawa ya rikita awo.

Sannan muka tsara awon. Nauyi kowace safiya, bayan ya zaga, kafin ci ko sha, a sikeli ɗaya da ke kan daɓe mai tauri, kuma ba a kallon lambar rana sai matsakaicin kwana bakwai. A cikin mako guda nauyinsa yakan yi yawo tsakanin 74.7 da 75.9, amma matsakaicin makonnin huɗu ya fito 75.3, 75.2, 75.4 da 75.3. Wannan ya nuna cewa kalori 2,700 shi ne abin da ke riƙe shi a wuri ɗaya. Ƙugu kuma sau ɗaya a mako, da safe, a auna sau uku a ɗauki na tsakiya. Sai da muka yi mako biyu kafin hannunsa ya zauna, domin da farko awonsa uku sukan bambanta da santimita ɗaya da rabi, wani lokaci tef ya karkace a baya, wani lokaci ya ja har ya nutse a fata. Da ya fara tsayawa gaban madubi yana duba cewa tef ɗin a kwance yake, bambancin ya sauko ƙasa da rabin santimita.

Awo na uku shi ne kaurin fata, wanda nake yi masa da kaina sau ɗaya a wata da awartakin da aka yi don wannan aiki. Ana mintsino fata da kitsen da ke ƙarƙashinta da yatsu biyu, a ɗaga ta daga tsoka, a kama da awartakin, a jira daƙiƙa biyu a karanta. A gefen cibiya ya ba da milimita 22, a bayan damtse milimita 12. Ban mayar da waɗannan zuwa kashin kitse ba, domin lissafin mayarwar yana ƙara nasa kuskure, milimitan kawai na rubuta. Amfanin awon bayan damtse shi ne yana ba da damar cire kitse daga kewayen damtsen, da wannan lissafi:

```
32.5 - (3.14 x 1.2) = 28.7
```

Wato kewayen damtse a santimita, a cire kaurin fata a santimita sau 3.14, abin da ya rage shi ne kewayen tsoka da ƙashi, santimita 28.7. Lambar ita kaɗai ba ta ce komai ba, amma idan ta ƙaru daga baya, ba kitse ne ya ƙara ta ba.

A mako na 16 ya je aka yi masa hoton Deksa, na'urar da ke amfani da hasken eksire mai rauni ta raba jiki kashi uku, ƙashi da kitse da sauran nama. Ya tafi da safe bai ci komai ba, bai kuma yi atisaye ba ranar da ta gabata. Sakamakon ya nuna kitse kilo 14.3, kashi 19 cikin ɗari. Ya yi tsammanin hoton zai amsa masa tambayarsa ta Afrilu, amma hoto ɗaya yana nuna inda mutum yake ne, ba ya nuna daga inda ya taso, kuma babu hoton Janairu da za a kwatanta. Muka ajiye shi a matsayin mafari.

Game da ƙarfi, muka daina duba nauyi mafi girma da zai iya ɗagawa sau ɗaya ko uku, muka koma duba abin da yake ɗagawa sau takwas zuwa goma sha biyu da tsari ɗaya, zurfin tsugunno ɗaya, hutu ɗaya. Bayan wata huɗu yana yin motsi iri ɗaya, yawancin koyon ya riga ya wuce, don haka ƙarin da zai zo daga nan ya fi kusa da girman tsokar kanta.

Mako na 19 zuwa na 38, tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Satumba: hawa a hankali

Muka ƙara kalori 200, ya koma 2,900, da nufin nauyi ya riƙa hawa kusan rabin kilo zuwa giram 700 a wata. Ƙa'idar da muka yi ita ce ba za a taɓa abinci ba sai matsakaicin mako uku a jere ya nuna hanya ɗaya, ko ƙugu ya ƙaru da santimita ɗaya ya kuma zauna a haka a awo biyu.

Sau biyu aka gwada wannan ƙa'ida. A mako na 24 ya yi tafiyar kwana uku, ya ci abinci mai gishiri da yawa, bai yi barci sosai ba, ya dawo sikeli ya nuna ƙarin kilo 1.4. Ya aiko mini da lambar da sassafe, na tambaye shi ko yana ganin ya ci kalori dubu goma sama da buƙatarsa a kwana uku, ya ce a'a. Bai sauya komai ba, kuma zuwa rana ta huɗu nauyin ya koma layinsa. Na biyun ya bambanta. Daga mako na 27 zuwa na 30, cikin Yuli, matsakaicin mako ya hau da giram 300 sau uku a jere, ƙugu ya tashi daga 84.2 zuwa 85.3 ya kuma maimaita haka mako na gaba, fatar gefen cibiya ta kai milimita 24, alhali abin da yake ɗagawa bai motsa ba, damtsen ma yana nan. Da muka bi diddigi, sai ya zamana aiki ya yi masa yawa a wannan watan, ya daina tafiyar ƙasa ta minti arba'in da yake yi kullum, ya tsallake atisaye huɗu, ya kuma daina auna man da yake zubawa a girki. Ya dawo da tafiyar, ya koma aunawa, muka rage kalori 150 na mako uku, ƙugun ya sauko 84.6.

A ƙarshen mako na 38 matsakaicin nauyinsa 78.1, ƙarin kilo 2.8 a mako ashirin. Ƙugu 84.8, fatar gefen cibiya milimita 23, ta bayan damtse 12.5. Kewayen damtse ya kai 33.7, wanda bayan cire fata ya bar 29.8, ƙarin sama da santimita ɗaya a kan na Afrilu. Tsugunno sau goma ya tashi daga kilo 65 zuwa 87.5, turin benci sau goma daga 47.5 zuwa 60. Hoton Deksa na biyu, a na'ura ɗaya da sharuɗɗa ɗaya, ya nuna kitse kilo 15.2, wato ƙarin giram 900, sauran nama kuma ya ƙaru da kilo 1.9.

Hukunci

Sikeli ya motsa da kilo 10.1 daga Janairu zuwa Satumba, kuma a ganina wannan ƙari kashi uku ne da ba su da kama da juna.

Kilo 2.1 na makonni ukun farko yawancinsa ruwa ne da gilaikojin da abin cikin hanji. Saurin zuwansa ya nuna haka, rashin motsin bel ya nuna haka, kuma makon ramewar Afrilu ya tabbatar cewa jikinsa yana ɗauke da kusan kilo biyu da ke iya fita su dawo cikin kwanaki.

Kilo 5.2 na Fabrairu da Maris kuwa, na ƙiyasta kusan kilo uku da rabi kitse ne, ɗaya da rabi zuwa biyu kuma nama. Hanyoyi uku ne suka kai ni nan, kuma haɗuwarsu ce ta sa na amince. Ta farko iyakar da tsoka take da ita: namiji sabon shiga da ke atisaye da kyau yakan gina rabin kilo zuwa kilo ɗaya a wata a shekarar farko, mace kusan rabin haka, kuma saurin yana raguwa shekara bayan shekara. A wata biyu ke nan bai wuce kilo biyu ba, ko da komai ya tafi daidai. Ta biyu lissafin abinci: yana cin 3,200, jikinsa yana tsayawa a 2,700, rarar 500 a kwana 63 ta ba da kalori 31,500, wadda idan duk ta zama kitse za ta kai kilo huɗu, idan aka cire abin da ginin tsoka ya cinye sai ta sauko kusa da uku da rabi. Ta uku ƙugu: tsokar da ke kewaye da ciki ba ta ƙara santimita shida a wata uku, kuma a jikin namiji ciki ne wurin da kitse ya fi fara sauka. Kitse ma ya fi tsoka cin wuri, domin kilo ɗaya nasa yana cika kusan lita 1.1, na tsoka kuwa kusan lita 0.94.

Akwai abin da ya kamata a sani game da wannan nama na kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, wato ba lallai dukansa atisaye ne ya kawo shi ba. A binciken da Claude Bouchard da abokan aikinsa suka wallafa a 1990, an ciyar da tagwaye maza guda 24 rarar kalori 1,000 a rana, kwana shida a mako, na tsawon kwana 100, ba tare da atisayen ɗaga ƙarfe ba. Matsakaicin ƙarin nauyinsu kilo 8.1 ne, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan ba kitse ba ne. Ƙiba kanta tana zuwa da ruwa da jini da naman da ke ɗaukarta. Shi ya sa lambar sauran nama a kowace na'ura, har da Deksa, ba daidai take da tsoka ba, kuma shi ya sa ban dogara da kilo 1.9 na hoton Satumba shi kaɗai ba. Abin da ya ba shi ƙarfi shi ne damtsen da aka cire wa fata ya girma, nauyin da yake ɗagawa sau goma ya hau, ƙarin ƙugu kuma bai kai santimita ɗaya ba a mako ashirin.

Idan aka ajiye matakai biyun gefe da gefe, a Fabrairu da Maris kowane kilo ɗaya da sikeli ya ƙara ya zo da fiye da santimita ɗaya a ƙugu, daga Mayu zuwa Satumba kuwa kowane kilo ya zo da ƙasa da sulusin santimita. Naman da aka samu a matakan biyu kusan ɗaya ne, amma na farko an biya shi da kitse kilo uku da rabi, na biyu da ƙasa da kilo ɗaya. Ba adalci ba ne a ce matakin farko asara ne gaba ɗaya, domin ya zo da naman a mako tara, na biyun ya ɗauki ashirin, ko da yake watannin farko su ne mafi sauƙin gina tsoka ga kowa, da rara mai yawa ko kaɗan. Ƙugunsa bai taɓa kai rabin tsawonsa ba, wato santimita 88, iyakar da ake fara damuwa da ita ta fuskar lafiya, amma da ya ci gaba da saurin Maris da ya kai ta cikin wata biyu.

Babban kuskuren da aka yi a wannan lamari shi ne fara cin rara ba tare da awon mafari ba. Da an ɗauki kaurin fata da kewayen cinya a Janairu, da rabon kilo 5.2 ɗin nan awo ne ba ƙiyasi ba, kuma da takardar Disamba ta ɓata, da hujja ɗaya cikin ukun ta tafi. Duk wannan lissafi kuma na mai lafiya ne. Wanda nauyinsa ya hau da kilo biyu cikin kwana uku tare da kumburin ƙafa ko sarƙewar numfashi, ko wanda ya fara sabon magani ya ga sikeli yana gudu, likita zai gani ba tef ba. Mace kuma sai ta kwatanta mako da takwaransa na watan da ya wuce, domin ruwan da jiki ke riƙewa kafin al'ada yakan rufe duk wani ƙarin tsoka na wata guda.

A makon farko na Oktoba ya sauke abincinsa zuwa kalori 2,400 don rage kitsen Fabrairu da Maris, ya bar furotin da nauyin ƙarfensa yadda suke. Kwana biyar na farko sikeli ya faɗi da kilo 1.1, ya rubuta lambar a littafi, a gefenta ya rubuta "ruwa", ya jira awon ƙugu na ranar Lahadi.